Kashi 62 na Ikorodu: yadda na haɗa rahoton wuraren gini biyar a shafi ɗaya

Ranar Litinin 1 ga Yuli 2024 na baro gida a Agege bayan sallar asuba, don in riga gosulo isa ofis a Ikeja. Ranar Alhamis shugabannin kamfani za su zauna, kuma abin da manajan ayyuka ya nema a wurina shafi ɗaya ne tak: wane wurin gini ne ya makara, wane haɗari ne ke tafe, nawa aka ci daga kasafi. Wata na biyu ke nan da aka ɗora mini wannan aiki. Asalin sana'ata awon gini ce da lissafin kuɗinsa.

Wurare biyar muke da su a lokacin. Babban ginin ofisoshi a Lekki mai kasafin naira miliyan 900, rukunin gidaje a Ikorodu mai miliyan 600, ɗakunan ajiya a Epe masu miliyan 300, ƙaramin ginin shaguna a Agege mai miliyan 120, sai gyaran wani sito a Apapa mai miliyan 80. Jimilla biliyan 2 cif.

Rahotannin sun iso kowanne da kamarsa. Na Lekki fayil ɗin Excel ne mai shafuka da yawa. Na Epe hoton takarda ne da aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp, gefe ɗaya ma inuwar hannu ta rufe shi. Na Apapa saƙon murya ne na minti huɗu. Wani ya tsayar da lissafinsa ranar 21 ga Yuni, wani ranar 28, ofishin akanta kuma ya rufe littafi a ƙarshen wata. Wani ya sa harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari a kuɗinsa, wani bai sa ba. A fayil ɗaya na tarar da kwanan wata 06/07, na rasa ko 6 ga Yuli ake nufi ko 7 ga Yuni, domin kwamfutar da aka rubuta shi a kanta tana fara sa wata kafin rana. A wani gurbin an rubuta N45m, wanda Excel ke ɗauka a matsayin rubutu, ya tsallake shi wajen tarawa ba tare da ya ce uffan ba.

Waɗannan duk ƙananan abubuwa ne, wuni ɗaya na gyara su. Na kira kowa na ce a ba ni yadda aiki yake a yammacin Juma'a 28 ga Yuni, kuɗi da cikakkun lambobi, babu haraji a ciki. Na zuba su a jadawali ɗaya, kowane wuri da layinsa. Abin da ya ci mini kwana uku shi ne kalma ɗaya da kowa ya rubuta, amma kowa da abin da yake nufi da ita: kashi nawa aka kammala.

Lekki sun ce 40, Ikorodu 62, Epe 70, Agege 90, Apapa 95. A watan da ya gabata na tara irin waɗannan lambobi na raba biyar, na miƙa. In aka yi haka a wannan wata za a sami kusan kashi 71, lambar da za ta kwantar wa kowa hankali. Amma wannan lissafi ya ba sito na miliyan 80 nauyi daidai da gini na miliyan 900. Apapa da Agege, waɗanda gaba ɗayansu kashi goma ne na kuɗin, su ne ke jan lambar sama. Abin da ya dace shi ne a ninka kashin kowane wuri da kasafinsa, a tara, sannan a raba da jimillar kasafi. In kasafi yana jerin B, kashi yana jerin C, ga yadda ake rubuta shi:

```
=SUMPRODUCT(B2:B6,C2:C6)/SUM(B2:B6)
```

Sai lambar ta sauko zuwa kashi 56. Babu wanda ya yi ƙarya, babu abin da ya canja a fili, amma tazarar maki 15 ce tsakanin lissafin biyu, wato aikin kusan naira miliyan 300 da zan ce an yi alhali ba a yi ba. Na je na faɗa wa manaja cewa lambar da na ba shi a watan jiya ba daidai ba ce, na nuna masa dalili. Ya ce in rubuta gyaran a ƙasan shafin wannan wata, kada shugabanni su ga lamba ta faɗi su zaci aiki ne ya koma baya.

Da na jera kuɗin da aka biya kusa da kashin kammalawa, sai idona ya tsaya a layin Ikorodu. Littafin akanta ya nuna an biya miliyan 372. Na raba da 600. Kashi 62 daidai, ba ƙari ba ragi. Rahoton injiniya ma kashi 62. A aikin gini, kuɗin da aka biya da aikin da aka yi ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa haka. Ana biyan kafin alƙalami tun ba a ɗaga cebur ba, ana sayen rodi watanni kafin a ɗaura shi, ana kuma yin aiki a jira biya. In ka ga lambobin nan biyu sun zo ɗaya sak, akwai alamar an ciro ɗaya daga ɗaya ne. Na duba rahotannin Afrilu da Mayu, su ma haka. Tsarin aiki ya ce a ƙarshen Yuni ya kamata a kai kashi 64, don haka 62 ta ba wurin launin kore, kuma koren ne yake ɗauke da shi wata uku a jere.

Na kira injiniyan wurin. Ɗan Zariya ne, ƙanena a shekaru, mutum mai ƙwazo da ba ya barin fili sai magariba. Na ce, "Injiniya, 62 ɗin nan, auna ta ka yi ko lissafa ta ka yi?"

Ya ce, "Yaya, gaskiya daga kuɗi nake ciro ta. Haka na tarar ana yi. Fom ɗin cewa ya yi kashi nawa, bai ce na mene ne ba."

Gaskiyarsa ce. Fom ɗin namu ne, daga ofis ya fito, kuma gurbi ɗaya ne aka bari babu bayani. Na ce masa gobe ina tafe da tef da takardar ƙididdigar aiki.

Talata na bi ta Ketu da Mile 12 na kama hanyar Ikorodu. Hadari ya haɗu tun safe. Da na isa, abin da na fara gani shi ne katako da sandunan tokare a hawa na sama na gini biyu, rodi a shimfiɗe an ɗaure, ba a zuba kankare ba. Ruwa ya kwanta a kan katakon, rodin ya fara yin ja. Gani ya kori ji: wannan dekin ne tsarin aiki ya ce za a zuba ranar 14 ga Yuni.

Muka zauna a kwantenar ofis, muka raba kasafin gida-gida kamar yadda yake a takardar ƙididdiga, muka fita muka auna kowanne. Fandisho miliyan 120 ne, an gama shi duka, ya ci 120 ɗinsa. Ginshiƙai da dekin miliyan 210 ne. A nan ba mu yarda da kallon ido ba, mun ƙirga kankaren da aka zuba da takardun motocin da suka kawo shi, muka gwada da jimillar da zane ya nuna, muka sami kashi 70, wato 147. Bulo da filasta miliyan 90 ne, faɗin bangon da aka ɗora ya kai kashi 20, wato 18. Rufi da wuta da famfo miliyan 110 ne, abin da aka yi bututun da aka binne a cikin dekin ne kawai, na miliyan 3. Tayil da fenti da ƙofofi, miliyan 70, ba a taɓa ba. Jimilla miliyan 288. A raba da 600, kashi 48 ke nan.

Injiniya ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "To rodin da ke sama fa? Mun ɗaure shi, mun biya masu ɗauri." Tambaya ce mai kyau, kuma a kanta ake yawan samun saɓani. Muka tsayar da ƙa'ida a ranar: dekin ba ya shiga lissafin kammalawa sai an zuba shi. Wasu kamfanoni suna raba shi mataki-mataki, su ba katako da rodi wani kaso, zubi wani kaso, kuma wannan ma daidai ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne Lekki su bi ƙa'ida ɗaya Ikorodu su bi wata, sannan a tara su a layi ɗaya. Na tambayi na Lekki a waya, suka ce sai an zuba suke ƙirgawa, shi ya sa muka bi tasu.

Sai batun kuɗi. Miliyan 372 abin da ya fita daga banki ne, ba abin da aikin ya ci ba. Na shiga sito wurin Baba mai ajiya, dattijo ne ɗan Katsina da ya fi shekara ashirin a Ikko. Yana da littafi mai bangon kwali baƙi, gefensa ya lanƙwashe saboda damshi, kowane shafi ya ja masa layi da biro ja: abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama, da sa hannun wanda ya karɓa. Na gaishe shi na ce, "Baba, so nake mu ƙirga abin da ke ƙasa." Ya ce, "Bismillah ɗana, tun jiya da na ji za ka zo na sa aka jera." Buhunan siminti suna kan katako an ɗaga su daga ƙasa, an lulluɓe da leda, rodi kuma an ware shi kauri-kauri. Muka ƙirga muka sa farashin saye, ya kama miliyan 45. An biya kuɗinsu, amma ba su shiga gini ba tukuna. Akwai kuma miliyan 20 kafin alƙalami da aka ba ɗan kwangilar rufi, wanda bai kafa ko ƙusa ɗaya ba. In aka cire biyun daga 372, saura 307.

Ɗaya ɓangaren kuma, aikin da aka yi ba a biya ba. Wannan ba ya cikin littafin akanta, domin takardun neman biya suna cikin aljihun teburin injiniya suna jiran sa hannu, wasu kuma sun isa Ikeja ba a shigar ba. Na kira Hajiya akanta muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Miliyan 30 na kamfanin da ke kawo mana haɗaɗɗen kankare, sauran na birkiloli da kafintoci da man gas na janareta. Jimilla 53. A ɗora kan 307, ainihin abin da aikin ya ci ya zama miliyan 360.

Yanzu ina da lambobi uku da kowannensu na san inda ya fito. Abin da tsari ya ce a yi zuwa ranar, kashi 64 na 600, miliyan 384. Abin da aka yi, 288. Abin da ya ci, 360. Masu sana'ar suna rubuta su PV da EV da AC, kasafin kuma BAC. SPI na gwada aikin da aka yi da wanda aka tsara, CPI na gwada shi da abin da ya ci, EAC kuma hasashen kuɗin ƙarshe ne, kuma haka suke a kan jadawalina:

```
SPI = EV / PV   = 288 / 384  = 0.75
CPI = EV / AC   = 288 / 360  = 0.80
EAC = BAC / CPI = 600 / 0.80 = 750
```

Ban sa waɗannan haruffa a shafin shugabanni ba. Da magana na rubuta: an yi kashi uku cikin huɗu na abin da ya kamata a ce an yi, kuma kowace naira da aka kashe aikin kwabo 80 ta haifar. In aka ci gaba a haka, ginin miliyan 600 zai ƙare a 750.

A kan 750 ɗin nan na fi daɗewa, domin lamba ce mai tayar da hankali, kuma lissafin da ya haifar da ita yana ɗauka cewa abin da ya faru jiya zai ci gaba har ƙarshe. Gibin miliyan 72 ne, tsakanin 288 da 360. Na tambayi inda ya tafi. Miliyan 40 a fandisho ya tafi. Gefen filin fadama ce, ƙasar ta fi yadda gwaji ya nuna laushi, sai da aka ƙara zurfi, aka yi ta cikon yashi, aka yi makonni ana janye ruwa da inji. Wannan ya wuce, ba za a sake haƙa fandisho ba. Sauran miliyan 32 tsadar kaya ce. An yi kasafin kafin a cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kafin kuma a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na shekarar, kuma duk wanda ya sayi siminti ko rodi a farkon 2024 ya san inda farashi ya kai. Wannan kam yana nan tafe da mu har fenti.

Saboda haka na yi lissafi na biyu: abin da aka riga aka ci, 360, a ɗora sauran aikin a farashin kasafi, 312, ya ba da 672. Wannan shi ne mafi sauƙin abin da zai iya faruwa, in an ce daga yau babu ƙarin ko kwabo. A shafin na rubuta tsakanin 672 da 750, na ce gaskiyar tana tsakiya, kuma ba za a san inda take ba sai an sake karɓo farashin kwanon rufi da wayar wuta da tayil, waɗanda su ne ba a saya ba. A ganina ba shugabanni lamba ɗaya a irin wannan hali rashin adalci ne gare su. In na ba su 750 kawai za su firgita su dakatar da abin da bai kamata ba, in na ba su 672 za su kwanta.

Makara kuma ba da 0.75 na auna ta ba. Wannan lamba kuɗi take aunawa, ba kwanaki ba, kuma tana da wani aibi: duk aikin da ya kusa ƙarewa tana komawa kusa da ɗaya, ko da ya makara shekara guda, tunda a ƙarshe duk abin da aka tsara an yi shi. Apapa ce ta nuna mini haka. Kashi 95 suke tun Afrilu, lambarsu tana da kyau, amma ranar miƙa makulli ta wuce da wata biyu, domin akwatin rarraba wuta da aka yi odarsa daga waje bai fito daga tashar jiragen ruwa ba. Kashi biyar ɗin da ya rage shi ne ke hana mai wuri shiga.

Don haka kowane wuri na nemi ranaku uku a kan babban matakin da ke gabansa: ranar da aka sa tun farko a kwangila, ranar da aka ce a rahoton watan jiya, da ranar da ake hasashe yau. Ta farko ba ta motsi sai in mai gini ya amince da ƙarin lokaci a rubuce. Na dage a kan wannan ne saboda Epe. Kowane wata suna rubuta cewa suna kan lokaci, kuma gaskiya ne in aka gwada da ranar da suka sa wa kansu a watan da ya wuce. Da na jera rahotanni huɗu, ranar gama rufi ta matsa mako ɗaya, ta sake matsawa, ta sake, har ta yi nisan mako uku da ta kwangila ba tare da ta taɓa fitowa a matsayin makara ba.

A Ikorodu dekin ƙarshe ya tashi daga 14 ga Yuni zuwa 26 ga Yuli, mako shida. Dalilai uku suka haɗu. Ruwan Yuni ya hana zubi. Babbar Sallah ta faɗo 16 ga Yuni, rabin masu ɗaurin rodi da lebarori suka tafi Arewa, wasu ba su dawo ba sai bayan kwana goma. Sai mai kankare da ya fara jan ƙafa saboda bashinsa. Kuma wannan dekin shi ne komai ke jira. Sai ya yi ƙarfi a cire tokare, sai an cire a ɗora bulon hawan, sannan rufi, sannan filastar ciki. Kwana ɗaya da ya makara, kwana ɗaya ne a kan ranar miƙa gidajen. Da fentin katangar waje ne ya makara mako shida, da ko a shafin ba zan sa shi ba.

Laraba aka wuni ana ruwa a Legas, hanyoyi suka cika, ban iya fita daga Agege ba. A gida na zauna na haɗa ɓangaren haɗari, kuma a nan ne na ga amfanin tara rahotannin wuri ɗaya fiye da ko'ina.

Layuka talatin da ɗoriya suka zo mini. Na fara da tsincewa. Abin da ya riga ya faru, kamar akwatin wutar Apapa, ba haɗari ba ne, matsala ce, tana buƙatar sunan wanda zai warware ta da rana. Ruwan sama, wanda wurare huɗu suka rubuta, shi ma na cire. Ruwan Yuni da Yuli a Legas ba abin da ake zato ba ne, abin da aka sani ne, wurinsa cikin tsarin aiki. Sauran kowane injiniya ya ba su maki daga 1 zuwa 5 a kan yiwuwar faruwa, da 1 zuwa 5 a kan girman ɓarna, a ninka. Amma 5 ɗin Agege ba 5 ɗin Lekki ba ce. Abin da zai tsayar da shagunan Agege mako guda bai kai kuɗin wuni biyu na Lekki ba. Sai na daina jera su da maki, na tambayi kowanne: in ya faru, kwana nawa, naira nawa.

Da na jera su bisa abin da ya jawo su maimakon bisa wuri, sai layuka uku suka haɗu. Ikorodu sun rubuta jinkirin kankare, matsakaici. Lekki sun rubuta samun motar tura kankare a makon 22 ga Yuli, matsakaici, don suna da babban zubi a hawa na shida. Hajiya akanta kuma tana da sunan wani mai kaya da ya turo takardar tuni sau biyu. Kamfani ɗaya ne duka ukun. Shi muke riƙe wa miliyan 30 a Ikorodu, shi ke kai wa Lekki, kuma mota ɗaya mai dogon hannu ya ware mana. Da dekin Ikorodu ya matsa zuwa 26 ga Yuli, sai ya faɗa cikin makon zubin Lekki. Injiniyan Lekki bai san ana bin mu bashi a Ikorodu ba. Na Ikorodu bai san Lekki sun kama motar ba. Kowannensu ya rubuta abin da yake gani daga inda yake tsaye, kuma daidai ya rubuta. In mai kankaren ya tsayar da motocinsa, wurare biyu masu kashi 75 na dukan kasafinmu za su tsaya a mako ɗaya. Na sa shi na ɗaya, da ja.

Launukan ma na ƙwace su daga hannun wuraren. Ba don ban yarda da su ba. Mutum da ke fili tun safe har dare, yana ganin ana ta kai da kawo, da wuya ya kira wurinsa ja, kuma ya san ja tana jawo kiran waya. Muka yi yarjejeniya da manaja: makarar da ba ta wuce mako ɗaya ba kore ce, har zuwa mako huɗu ruwan ɗorawa, abin da ya haura ja. A kuɗi kuma, naira da ta haifi kwabo 95 ko fiye kore ce, ƙasa da kwabo 90 ja. Wannan iyaka tamu ce, wani kamfani zai iya sa tasa, muhimmin abu a rubuta ta a ƙasan shafi ta hau kan kowa. Na kuma raba launin lokaci da na kuɗi, tunda Apapa ja ce a lokaci amma kore a kuɗi, kuma launi ɗaya zai ɓoye ɗayan.

Kafin in buga, na tura wa kowane injiniya layinsa ya gani. Ban so ɗan Zariya ya fara jin cewa wurinsa ya tashi daga kore zuwa ja a bakin shugabanni ba. Ya kira ni da daddare ya ce, "Yaya, za su ce wata uku ina ɓoyewa." Na ce masa na rubuta a fili cewa hanyar awo ce ta canja, fom ɗin ofis ne bai fayyace ba, kuma shi ya riƙe mini tef. Ya roƙi in ƙara cewa rodin dekin a ɗaure yake, zubi kawai ya rage. Na ƙara, don gaskiya ce kuma tana da amfani ga mai yanke shawara.

Shafin da na miƙa ranar Alhamis layi biyar ne da jimilla a ƙasa. Kowane layi yana da kasafi, kashin da aka tsara, kashin da aka auna, abin da aka ci, hasashen ƙarshe, makonnin makara da launi biyu. Jimillar kammalawa ta zama kashi 52 bayan gyaran Ikorodu. Ƙarƙashin jadawalin haɗari uku ne kawai, kowanne da wanda ke riƙe da shi, sai abubuwa biyu da ake neman zaman ya yanke.

Shugaban kamfani ya karanta shiru, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan 48 ɗin, kai ka auna?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da injiniya muka auna ranar Talata, ga takardun." Bai karɓi takardun ba. Ya juya ga Hajiya ya tambayi yaushe za a iya biyan mai kankare. Ta ce miliyan 20 gobe Juma'a, sauran in kuɗin Lekki ya shigo. Aka tsayar Lekki ta riƙe motar daga Litinin 22 zuwa Laraba 24, Ikorodu ta karɓa Juma'a 26, manaja ya samo wannan a rubuce daga kamfanin. Aka ba ni mako biyu in karɓo sabon farashin rufi da wuta da tayil in matse tazarar 672 da 750.

Da yamma na buɗe fom ɗin rahoto na goge gurbin kashi nawa. A madadinsa na sa jerin gidajen aiki daga takardar ƙididdiga, kowanne da gurbin abin da aka auna, kashin kuma jadawali ne zai lissafa shi da kansa. Na ƙara gurbi biyu, kayan da ke sito da takardun da ba a biya ba, na kulle gurbin kwanan wata da na kuɗi yadda ba za su karɓi rubutu ba. Na tura wa wurare biyar, na ce ranar tsayar da lissafi Juma'ar ƙarshe ta kowane wata, kuma a ɗauko hoton shafin ƙarshe na littafin mai ajiya a haɗo da shi.